Ƙamusun Bita na Ɗalibi: A Fara da Kalmomin da Muke Zaton Mun Sani



'Yan'uwa malaman Islamiyya da ɗalibai masu bibiyar karatu, darasinmu na yau a kan wani ɗan aiki ne da nake so kowane aji ya yi wa kansa, wato haɗa ƙaramin ƙamus na kalmomin addini, Larabci a gefe Hausa a gefe, wanda ɗalibi zai riƙa ɗauka yana bita. Zan tsaya a kan littattafan fiƙihun Malikiyya da muka taso a kansu, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, domin su ne a hannun yawancin ɗalibanmu.

Idan ka ce wa ɗalibi ya fitar da kalmomi masu wuya daga babin tsarki, zai kawo maka irin su istijmari da istibra'i. Waɗannan ba su cika ba ni tsoro ba. Kalmar da ɗalibi bai sani ba, ya san bai sani ba, zai tambaya ko ya duba sharhi. Wadda take kayar da mutum ita ce wadda ta daɗe da shigowa Hausa har ta zama 'yar gida, kamar sunna da sadaka da mudu da fitina, ko kuma kalmar Hausa da aka saba ɗora wa ta Larabci, kamar tsarki. Ɗalibi yana ganinta sai ya wuce, a ransa ai wannan ko yaro ya sani. Alhali ma'anar da take ɗauke da ita a bakin Bahaushe daban, wadda mai littafi yake nufi daban. Saboda haka ƙamusun da nake magana a kai, rabin amfaninsa yana kan waɗannan kalmomi ne.

Bari mu ɗauki mudu, domin a nan kuskure yana taɓa dukiya da haƙƙin talaka. Kalmar daga Larabci ta zo, muddu. A littafin fiƙihu muddu shi ne cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, wanda mu muke kira mudun Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Muddu 4 shi ne sa'i 1, sa'i 60 shi ne wasƙi 1, nisabin hatsi kuwa wasƙi 5 ne. Idan ka lissafa, sa'i 300 kenan, wato muddu 1,200. To mudun kasuwa fa? Ya fi mudun Annabi girma nesa ba kusa ba, kuma na wannan gari ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Yanzu ka ɗauka ɗalibi ya rubuta a ƙamusunsa "muddu: mudu" ya tsaya nan. Ranar da babansa ya sussuke gero ya ce masa, kai da kake makaranta, zakka ta hau kaina? Sai yaro ya auna da mudun kasuwa, ya ga bai kai 1,200 ba, ya ce Baba ba ta hau ba. Alhali da mudun Annabi tuni an wuce nisabi. An hana miskinai haƙƙinsu ba da mugun nufi ba, sai don fassara mai kalma ɗaya. A zakkar fidda kai kuma abin juyawa yake yi: magidanci mai mutum goma zai ɗauka mudun kasuwa 40 ake nema a wurinsa, ya ga ba zai iya ba, ya haƙura gaba ɗaya.

Kun ga dalilin da ya sa layi biyu, Larabci da Hausa, ba sa isa. Ni yadda nake tsara shafi, kowace kalma tana da gida shida. Na farko kalmar da rubutun Larabci da cikakken wasali. Na biyu tushenta, haruffa ukun da aka gina ta a kai, tare da jam'inta idan ana bukata. Na uku ma'anarta a lugga. Na huɗu ma'anarta a isɗilahin malaman wannan fanni. Na biyar abin da Bahaushe yake nufi idan ya faɗe ta a gida ko a kasuwa. Na shida inda ta zo a littafin da ake karantawa, babi da shafi. Gida na biyar shi ne wanda ba za ka same shi a ƙamusun Larabawa ba, domin Balarabe ba shi da matsalarmu. Wani lokaci za ka rubuta "daidai ne" kawai ka wuce. Wani lokaci kuma gidan ne zai fi kowane cika, sai ka ja masa layi da jan biro don idon ɗalibi ya fara sauka a kansa.

Game da gida na farko, kada a yarda a rubuta kalmar Larabci da boko kaɗai, ko da ɗalibai sun yi ƙorafin rubutun Larabci yana cin lokaci. Bakinmu yana haɗe haruffan da Larabci ya raba. Sin da sodi da sa mai ɗigo uku duk "s" muke rubutawa. Sai ka ga sawabu mai ma'anar lada, wanda yake farawa da mai ɗigo uku, da sawabu mai ma'anar daidai, wanda yake farawa da sodi, sun zama kalma ɗaya a takarda. Haka halƙu da ha ƙarami aski ne, shi za ka tarar a babin Hajji, halƙu da ha mai ruwa kuwa halitta ce, shi za ka tarar a babin aƙida. Ɗigo ɗaya ne tsakaninsu, boko kuma ya shafe ɗigon. Wasali ma haka. Wudu'u da rufu'a a kan wawun shi ne aikin alwala, wadu'u da wasali bisa shi ne ruwan da ake alwalar da shi. Suhur cin abincin ne, sahur abincin kansa. Wanda ya bar wasali ya bar rabin kalmar.

Akwai kuma abin lura ga ɗaliban da suka fito daga makarantar allo. Rubutun da suka saba da shi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. A bugun gabas kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Idan aji ya haɗa waɗanda suka taso da wannan da waɗanda suka taso da wancan, a zaɓi rubutu ɗaya tun daga shafin farko a rubuta shi a bangon littafin, in ba haka ba wani zai karanta fa inda ɗan'uwansa ya rubuta ƙaf.

Neman tushe yana yi wa ɗalibai wuya a kalmomin da Hausa ta ara, domin ta sauya musu kama. Dabara biyu suna buɗe da yawa daga cikinsu. Ta farko, sau da yawa Hausa ta haɗiye alif da lam na farkon kalma ta mai da su jikinta: liman daga al-imam, lahira daga al-ahira, alƙali daga al-ƙadi. Ta biyu, harafin lodi yakan koma "l" a bakinmu, shi ya sa muke cewa farilla da haila da alwala da la'ifi. Da ɗalibi ya riƙe wannan, zai gane cewa alƙali da ƙada'i gida ɗaya suka fito, ya kuma gane dalilin da ya sa ƙada'i yake nufin hukunci a babin shari'a, amma yake nufin ramuwa a babin salla da azumi. Irin wannan kalma gida biyu nake ba ta, ɗaya a kowane babi, in sa ƙaramar alama kowanne yana nuna ɗan'uwansa.

Yanzu mu cika shafi ɗaya tare, daga farkon Ahalari, inda mai littafi ya raba tsarki gida biyu. Kalmar ita ce ɗahara. A lugga tsafta ce da kuɓuta daga ƙazanta. A isɗilahi ta ƙunshi abu biyu, kawar da hadasi da kawar da habasi. Malamanmu na zaure sun daɗe da samar musu Hausa mai kyau, tsarkin kari da tsarkin dauɗa, kuma ina ba da shawarar a riƙe waɗannan, kada kowa ya ƙirƙiro tasa. To me Bahaushe yake nufi idan ya ce tsarki? Galibi wanke gaba bayan fitsari ko bayan gida. Uwa ta ce wa yaro je ka yi tsarki, ba alwala take nufi ba. Wannan kuwa a littafi sunansa istinja'i, kuma reshe ne ƙarami na tsarkin dauɗa. Idan ba a rubuta wannan a gida na biyar ba, yaro zai ji an ce tsarki sharaɗin salla ne, ya fassara shi da tsarkin da ya sani a gida.

Sai a zo kan hadasi da habasi, kuma waɗannan a shafi ɗaya ake ajiye su suna kallon juna. Ga yadda shafin zai kasance:

Hadasi, wato kari. Hukunci ne da yake hawa kan mutum ya hana shi salla, ba abu ne da ake gani a jiki ba. Ƙarami alwala ce take ɗauke shi, babba wanka.

Habasi, wato dauɗa. Ita ce najasar kanta, a jiki ko a tufa ko a wurin salla. Wanke ta ake yi da ruwa.

A ƙarƙashinsu sai a ja layi a rubuta abin da ya raba su a hukunci, domin wannan ne ribar sanin kalmomin. Kawar da kari sai da niyya, wanke dauɗa ba ya bukatar niyya. Taimama tana tsayawa a madadin ruwa a kan kari, ba ta wanke najasa. Wanda ya yi salla da kari bisa mantuwa zai sake ta ko bayan shekara ya tuna. Wanda ya yi salla da najasa a rigarsa bisa mantuwa, a mashhurin mazhaba, zai sake ne idan lokacin sallar bai fita ba. Layi huɗu ne kacal, amma ɗalibin da ya riƙe su ya riƙe ƙashin bayan babin.

A wannan babin akwai wasu tagwaye da ake yi wa haka, ɗahir da ɗahur. Idan ka ce duka "mai tsarki" ka rusa mas'alar ruwa. Ɗahir mai tsarki ne a kansa, ɗahur mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa. Ruwan da sabulu ko manja ya sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi yana nan da tsarkinsa, za ka iya aikin gida da shi, amma ba za ka yi alwala da shi ba. Maniyyi da maziyyi da wadiyyi su ma wuri ɗaya ake jera su, kada kunya ta sa malami ya tsallake shafin, domin samari da yawa ba su san wanne ne yake wajabta wanka ba, wanne ne alwala kawai yake warwarewa.

Kalmar da na fi daɗewa a kanta duk lokacin da ake wannan aiki ita ce sunna. Ba ta da ma'ana ɗaya ko a cikin Larabcin malamai. A wurin malaman hadisi, abin da aka ruwaito daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, na magana ko aiki ko tabbatarwa. A littattafan aƙida, kishiyar bidi'a. A fiƙihu, abin da aka nema a aikata ba nema na dole ba. Shi ya sa a saman kowane shafi nake so a rubuta sunan fannin, kada ɗalibi ya ɗauki ma'anar wani fanni ya kai wani. Sannan Malikiyya sun sake rarrabewa a cikin fiƙihun: akwai sunna, akwai mustahabbi wanda suke kira falala ko mandubi, akwai ragiba wadda suke kiran raka'o'i biyu na alfijir da ita. Mu kuwa a baki duk "sunna ce" muke cewa, ko "nafila ce".

Wani zai ce wannan ai tsawaitawa ce, duka dai ba dole ba ne. To je ka babin rafkanwa ka gani. Wanda ya manta farilla a salla, sujada ba ta gyara masa, sai ya kawo abin da ya bari. Wanda ya manta sunna mai ƙarfi, kamar sura bayan Fatiha, ƙabli zai yi. Wanda ya manta mustahabbi, kamar alƙunutun Asuba, babu komai a kansa, kuma a mashhurin mazhaba idan ya yi ƙabli saboda shi ya ɓata sallarsa. Kenan mutumin da ƙamusunsa ya ce "sunna: mustahabbi" yana iya rusa salla yana ganin gyara yake yi. Hukunci uku mabambanta a kan kalmomi uku, dole kowace ta sami gidanta da misalinta.

Wannan ya kawo mu kan wata ƙa'ida: idan ma'anar isɗilahi ta bambanta tsakanin mazhabobi, a rubuta ta wa aka ɗauka. Ƙur'u, wadda jam'inta ya zo a ayar idda a Suratul Baƙara, aya ta 228, tana ɗaukar tsarki tana ɗaukar haila a lugga. Malik da Shafi'i sun tafi a kan tsarki, Abu Hanifa a kan haila. Idan aka rubuta "ƙur'u: tsarki" ba tare da an ce a wurin wa ba, ranar da ɗaliba ta ji wani malami ya ce haila sai ta ɗauka ɗayansu bai iya ba. Fakiri da miskini ma haka. A wurin Malikiyya miskini ya fi shiga matsi, Shafi'iyya kuma suka juya. Ba a bukatar kawo hujjoji a ƙamus, wannan aikin darasi ne. Kalma biyu sun isa: "a Malikiyya".

Kuma a nan ake kula da inda ake ɗebo ma'ana. Don lugga, Misbahul Munir na Fayyumi yana da sauƙi ga ɗalibi, domin kalmomin fiƙihu ya tattara kuma ya jera su bisa harafin farko na tushe. Sai dai a tuna cewa daga littafin Shafi'iyya ya tsamo kalmominsa. Lisanul Arab a asalin tsarinsa bisa harafin ƙarshe na tushe yake, wanda bai san haka ba zai yini yana buɗe shafi. Don kalmomin Alƙur'ani akwai Mufradat na Ragib, don na hadisi akwai Nihaya ta Ibnul Asir. Don isɗilahin Malikiyya, sharhin littafin da ake karantawa shi ne na farko, Hududu na Ibn Arafa kuma na malami ne, ya yi wa mai farawa nauyi. Gida na biyar kuwa, ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero suna taimakawa, amma mafi sauri shi ne ka tambayi ɗalibai su sa kalmar a jimla kamar yadda ake faɗa a gidansu. Ka ce su sa fitina, za su ce maka yaron nan ya cika fitina. Daga nan sai ka nuna musu cewa a Alƙur'ani tana zuwa da ma'anar jarrabawa, a wasu wurare kuma malaman tafsiri sun fassara ta da shirka. Ka ce su sa sadaka, za su kawo ta bara, sai ka nuna musu cewa a ayar da ta lissafa mutum takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, zakka ake nufi.

Wajen jerawa, ni ban goyi bayan bin abajada a cikin ƙamusun bita ba. A bi babi babi kamar yadda littafi ya zo, domin bita babi babi ake yi, kuma abajada tana raba tagwaye, ta kai ƙabli gabas ba'adi yamma. Idan an gama, a bar shafuka kaɗan a ƙarshe a yi fihirisa biyu, ɗaya daga Larabci ɗaya daga Hausa, kowace kalma da lambar shafinta. Kada kuma a cika. Kalma 30 zuwa 40 sun ishi babin tsarki ga mai karanta Ahalari, goma a mako. Kowane ɗalibi ya rubuta nasa da hannunsa, amma malami ya duba kafin a fara hadda, don kuskuren da aka haddace cire shi aiki ne.

Akwai alamu da za ka gane shafi bai yi ba. Idan an fassara kalma da kanta, kamar "makaruhi: abin da aka karhanta", ba a ce komai ba. A ce abin da aka nema a bari ba nema na dole ba, mai barinsa don Allah yana da lada, mai yinsa ba shi da zunubi. Idan fassarar tana ɗauke da wata kalmar Larabci da ba ta cikin ƙamusun, ko a sauƙaƙa ta ko a buɗe mata gida. Idan kalmomi biyu mabambanta suka sami Hausa iri ɗaya, to akwai bambancin da aka haɗiye, a koma a nemo shi. Idan kuma ta'arifi ya wuce layi uku, an fara kwafe littafi ne.

Bitar kanta kala uku ce, kuma sauƙinsu ba ɗaya ba. Rufe Hausa a ba da ma'anar Larabci shi ne mafi sauƙi, a nan yawancin ɗalibai suke tsayawa. Rufe Larabci a kawo kalmar daga Hausa, a rubuta ta da wasalinta, ya fi wuya, kuma a nan ne ake kama masu rubuta sawabu da harafin da ba nasa ba. Na uku shi ne malami ya kawo mas'ala ba tare da ya ambaci kowace kalma ba. Misali ka ce: mutum ya idar da Azahar, bayan Isha ya ga jini mai yawa a bayan rigar da ya yi sallar da ita, bai san da shi ba. Wace kalma ce a ƙamusunku take aiki a nan, kuma me ke kansa? Wanda ya ce habasi ne, lokaci ya fita, babu sakewa, shafin ya zauna masa. Wanda ya ce ai ba shi da tsarki sai ya sake, har yanzu tsarki ɗaya ne a kansa, a mai da shi shafin kari da dauɗa. Kalmomin mako a waiwaye su washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan ƙarshen wata. Wadda ɗalibi ya faɗi a kanta sau biyu ya sa mata ɗigo a gefe, ita zai fara da ita a zama na gaba.

Masu karantar da Ahalari su fara da kalmomi goman nan a makon farko: ɗahara, hadasi, habasi, najasa, istinja'i, muɗlaƙi, ɗahir, ɗahur, wudu'u, guslu. A zama mai zuwa in sha Allahu za mu cika shafukan babin rafkanwa da na ramuwar salla.

Wallahu a'alam.